Saƙon "an samu gurbi kusa, amsa cikin awa biyu": gaskiya ne ko tarko?

Tambaya: Malam, an ba ni ranar ganin likita nan da wata biyu, aka kuma sa sunana a jerin masu jira. Yau saƙo ya shigo wayata cewa an samu gurbi jibi, in taɓa wani adireshi in amsa cikin awa biyu. Na gaske ne? In ban amsa ba, zan rasa ranata ta farko?

Amsa: Malama, irin wannan saƙo yana iya zama na gaske, domin haka manhajojin ba da lokaci suke aiki. Da zarar wani ya soke ranarsa, manhajar sai ta duba jerin masu jira ta tura tayi da kanta, ba sai ma'aikaci ya sa hannu ba. Wasu mutum ɗaya suke tura wa, su riƙe masa gurbin har wa'adi ya cika, sannan su wuce ga na bayansa. Wasu kuwa mutane da yawa suke tura wa a lokaci guda, wanda ya riga amsawa shi ke da gurbi. Shi ya sa za ki iya amsawa cikin wa'adi amma a ce miki an riga an ɗauka.

Ki lura cewa lokacin yana fara tafiya ne tun daga sa'ar da aka tura saƙon. In an tura shi ƙarfe 10:05 na safe, wa'adin zai cika 12:05, ko da sai 11:40 kika buɗe shi. Minti 25 ke nan suka rage miki, kuma sun isa a yi bincike.

Binciken ya zama dole, domin gaggawa ita ce babban makamin 'yan damfara. Kada ki fara da taɓa adireshin. Buɗe manhajar asibitin ko shafinsu ta hanyar da kika saba, sau da yawa tayin gaske yana nan a cikin asusunki. In ba ki gan shi ba, kira lambar da ke kan katinki ko takardar da aka ba ki, ki bar wadda ta zo cikin saƙon. A ganina kiran nan na minti uku ya fi kowace dabara.

In kina son duba adireshin da kanki, nemi alamar / ta farko bayan sunan shafin, ki karanta abin da ke daf da ita ta hagu. A ce shafin asibitin example.org ne:

```
rajista.example.org/karba
example.org.example.net/karba
```

Na farko nasu ne, tunda ya ƙare da example.org. Na biyu ya fara da sunansu ne kawai don ya ruɗi ido, ainihin mai shi example.net ne. Hoton kwaɗon kulle da https ma ba shaida ba ne, shafukan bogi suna da su. Sannan ki duba abin da ake nema. Tayin gaske yakan tsaya a kan tabbatar da ke ce, misali da ranar haihuwa, sai ki karɓa ko ki ƙi. Duk shafin da ya nemi lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya turo miki, wai don a riƙe miki gurbi, ki rufe shi nan take.

Game da ranarki ta farko, a yawancin tsare-tsare shiru ba ya soke ta, tayin ne kawai yake wucewa ga wani. Haɗarin yana wajen karɓa. Kina karɓar sabon gurbi, tsohon yakan koma hannun wasu, kuma dawo da shi na da wuya. Don haka ki tabbata jibin zai yiwu miki, musamman in akwai gwajin da likita yake son ganin sakamakonsa kafin ku haɗu. Kada kuma ki soke tsohuwar ranar da hannunki sai saƙon tabbaci mai ɗauke da sabuwar rana da lokaci ya zo. In an ce a amsa da YES ko 1, tura shi kaɗai ba gaisuwa, domin na'ura ce take karantawa, ƙarin kalmomi na iya hana ta ganewa.

In wannan ya wuce ki, shirya wa na gaba. A wayar Android duba Spam & blocked cikin Google Messages, a Gmail kuma duba Spam da Promotions, don irin waɗannan saƙonni kan faɗa can. Ajiye lambar da suke turo saƙo da ita, ki sa ta cikin waɗanda Do Not Disturb, tsarin da ke hana waya ƙara, ba ya toshewa. Ki kuma tambaye su ko ƙin amsa tayi sau da yawa yana sa a cire suna daga jerin, domin wasu wuraren suna da wannan ƙa'ida.