Na tambayi mutum 400, me ya sa aka ce sakamakon bai shafi Kano duka ba?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a jami'a, kundina a kan yadda ƙananan 'yan kasuwa a Kano ke karɓar kuɗi ta taransifa ne. Na yi amfani da ƙa'idar Yamane ta lissafin yawan mutanen da za a tambaya, ta ba ni kusan mutum 400. Na raba su kota, maza 240 da mata 160, na tsaya bakin kasuwa ina tambayar wanda ya yarda. Da matan suka yi wuyar samu, sai wata ƙawar mamata mai sayar da atamfa a gida ta haɗa ni da wasu, su ma suka haɗa ni da wasu. Na samu kashi 60 cikin 100 na karɓar taransifa. Malamin da ke duba aikina ya ce ba zan rubuta cewa haka 'yan kasuwar Kano suke ba. Idan na ƙara mutum dubu zai gyaru?

Amsa: Ba zai gyaru ba, Malama, kuma malaminki yana da gaskiya. Matsalar ba a yawan mutanen take ba, tana wajen yadda suka shigo hannunki.

Kin san kwandon tumatir. Mai kaya yakan jera manya masu sheƙi a sama, ƙanana da waɗanda suka fara lalacewa suna ƙasa. Idan kika ɗauki biyar daga sama kika duba, za ki ce kayan nan ba su da aibi. Ki ɗauki hamsin daga saman, hukuncinki ɗaya ne, sai dai yanzu kin ƙara sakankancewa da shi. Shi ya sa dillalin hatsi a Dawanau ba ya yarda da bakin buhu, sai ya soka ƙarfe a tsakiya da gindi ya ga abin da ya fito. Tsayuwarki a bakin kasuwa ɗiba ce daga saman kwando.

Bari mu sa lissafi, da alƙaluman da na ƙirƙira don misali kawai. A ce kasuwar tana da 'yan kasuwa 10,000. Daga ciki 3,000 masu shaguna ne a bakin titi da manyan layuka, inda kashi 70 cikin 100 ke karɓar taransifa. Sauran 7,000 suna can cikin lunguna, masu tebur da masu kasa kaya a ƙasa, kuma kashi 30 ne kawai cikinsu ke karɓa. Gaskiyar kasuwar ke nan: 2,100 a nan, 2,100 a can, jimla 4,200, wato kashi 42. To ke da kika tsaya inda ya fi miki sauƙi, a ce kin samu 300 daga bakin titi, 100 daga ciki. Na farkon za su ba ki “e” guda 210, na biyun guda 30. Jimla 240 cikin 400, kashi 60 cif. Idan kika ɗora masa tazarar kuskuren da aka saba, wato 5 sama ko ƙasa, za ki ce gaskiya tana tsakanin 55 da 65, alhali tana 42. Yanzu ki ninka wahalarki sau biyar, ki tambayi mutum 2,000 a wuraren nan dai: 1,500 da 500. Amsa za ta sake fitowa kashi 60, tazarar ta ragu zuwa kusan 2. Kin kashe kuɗin mota da na buga takardu, abin da kika saya shi ne ƙarin tabbaci a kan amsar da ba daidai ba.

Dalili kuwa shi ne kuskure iri biyu ne. Akwai na sa'a, wanda ke faruwa ko da an yi zaɓen bisa ƙa'ida, domin yau ƙuri'a za ta faɗa kan waɗannan, gobe kan waɗancan. Wannan yana raguwa idan mutane suka ƙaru, kuma shi kaɗai tazarar kuskure take aunawa. Akwai kuma karkata, inda hanyar zaɓen kanta take fifita wani irin mutane. Ita karkata ba ruwanta da yawa. Ƙa'idar Yamane, n = N / (1 + Ne²), inda n ke nufin yawan waɗanda za a tambaya, N yawan jama'ar duka, e kuma tazarar kuskure, an gina ta ne a kan sharaɗin cewa kowane mutum a jerin yana da dama daidai da ta kowa, kuma ƙuri'a ce ta fitar da shi. Ɗalibai da yawa suna ɗauko adadin su bar sharaɗin. A nan ma akwai ruɗanin da nake yawan gani: ɗalibi ya ce ai kan mai uwa da wabi ya yi, duk wanda ya gani ya tambaya, saboda haka bai zaɓa ba. Ya zaɓa mana. Ƙafarsa ta zaɓi layin da ba caɓi, idonsa ya zaɓi mai sakin fuska, agogonsa ya zaɓi waɗanda ke shago da hantsi. Tambayar da ke raba gardama ita ce: mai sayar da barkono da ke ƙarshen lungu, damarta ta shiga bincikenki nawa ce? Idan ba za ki iya faɗin lamba ba, ko lambar sifili ce, to babu gadar da za ki bi daga mutanenki 400 zuwa sauran.

Wannan darasi da tsada aka koye shi a Amurka. A zaɓen shugaban ƙasa na 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardu kusan miliyan 10, ta samu amsa sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe da kusan kashi 61, Landon jiha biyu kacal ya ci. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su ta kwaso su ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci da masu sayen mujallar, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan waɗanda suka ga damar mayar da amsa sun fi karkata ga masu adawa da Roosevelt. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai, kuma hanyar kota ya bi. Sai aka ɗauka an samu magani. Shekara 12 bayan haka, a 1948, kotar ta kunyata shi: shi da sauran manyan masu jin ra'ayin jama'a suka ce Thomas Dewey ne zai ci, sai ga Harry Truman ya yi nasara. Daga cikin dalilan da aka gano akwai daina tambaya da wuri kafin zaɓe, da kuma 'yancin da aka bar wa ma'aikata su cike kotarsu da wanda suka ga dama.

Wannan na biyun shi ne raunin kota, kuma shi ya same ki. Kota tana sa mutanen da aka ɗiba su yi kama da jama'a a fuska: maza kaza, mata kaza, matasa kaza. Amma a cikin kowane gurbi, hannunki ne ke ɗauka. Maza 240 ɗinki sun cika, sai dai waɗanne maza? Masu shago da wayar zamani da ke da lokacin hira, ko mai turin baro da ya ce miki yana sauri? Kota tana daidaita abin da kika tuna ne kawai, alhali abin da ya fi tasiri a kan karɓar taransifa wataƙila girman jari ne, ko iya karatu, ko ƙarfin sabis a wurin da mutum yake zaune. Ban da haka, wanda ya ƙi amsawa ba ya barin sawu. Kin wuce shi kin samu wani, takardarki ta cika, ba wanda zai san mutum nawa suka ƙi ko me ya bambanta su da waɗanda suka yarda. Zan kuma so in san daga ina kika samo 240 da 160. Idan daga ƙidayar jama'a ne, ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, kuma rabon maza da mata a gari daban yake da rabonsu a cikin 'yan kasuwa.

Batun matan gida kuwa, ban ga laifinki ba da kika bi ta hannun ƙawar mamarki. Hanyar da ake kira sinobol, wato wani ya kai ka ga wani, don irin wannan aka yi ta: mutanen da babu jerin sunayensu a ko'ina, kuma ba za su buɗe wa baƙo ƙofa ba sai da ɗan jagora. Illarta ita ce mutum irinsa yake sani. Mai atamfa za ta kai ki wurin mai leshi da mai turaren wuta, 'yan adashinsu ɗaya, masu tallata kaya a waya. Ba za ta kai ki wurin mai ƙuli-ƙuli da ke aiken yara talla a wata unguwa ba, don ba ta san ta ba. Mace mai jama'a, hanyoyi goma ne za su kawo ki gidanta, wadda ba ta shiga mutane kuwa babu ko ɗaya. Kuma mata talatin da suka koyi taransifa a wurin juna ba shaidu talatin ba ne masu zaman kansu, sun fi kusa da shaida guda da aka maimaita. Za ki iya gwada wannan da kanki: ki zana wa ya kawo wa, ki rubuta amsar kowa kusa da ita. Idan kika ga kowane reshe amsarsa kusan iri ɗaya ce, to inda kika fara ne ya yanke sakamakon. Akwai gyararren salo da masanin zamantakewa Douglas Heckathorn ya fito da shi a 1997, inda ake ba kowa katin gayyata ƙayyadadde, yawanci uku, a tambaye shi yawan mutanen da ya sani, a rage nauyin amsar masu jama'a da yawa. Ana amfani da shi sosai a binciken cutar ƙanjamau. Shi ma yana tsaye ne a kan zato da dama, kuma ba a iya ɗora shi a kan aikin da aka riga aka gama.

Za a iya ce miki ki gyara da awo, wato ki ba kowane rukuni nauyinsa na gaskiya. A misalinmu, 70 sau 0.3 a haɗa da 30 sau 0.7 ya dawo da 42. Amma ya yi aiki ne don ni na ƙirƙiri kasuwar, na san abin da ya raba mutanen kuma na san yawan kowane ɓangare. Ke sai kin samu waɗannan biyun daga wata majiya amintacciya, kuma ko kin samu, abin da kika auna kaɗai zai gyaru.

Aikinki bai lalace ba, iƙirarin ne ya fi ƙarfinsa. A babi na uku ki faɗi abin da kika yi filla-filla: wace ƙofa, waɗanne ranaku, ƙarfe nawa, mutum nawa suka ƙi idan kin riƙe lissafi, da mace nawa kika fara sarƙar. Ki cire tazarar kuskure gaba ɗaya. Ki raba sakamakon kasuwa da na matan gida, kada ki cuɗa su a lamba guda. Inda kika rubuta “kashi 60 na 'yan kasuwar Kano”, ki mayar da shi “kaza daga cikin waɗanda aka zanta da su a kasuwa, kaza daga cikin matan gida da aka zanta da su”. Dalilan da suka ba ki, kamar tsoron alat na bogi ko jinkirin shigar kuɗi, suna da daraja a matsayin abubuwan da ke akwai, ko da ba ki san yawan masu su ba.

In kuwa lokaci ya ba ki dama kina son lambar da za ta tsaya, ki taƙaita zuwa kasuwa ɗaya. Ki nemi jerin rumfuna a wurin shugabannin kasuwar, ko ki bi layi-layi ki ƙirga da kanki, har da masu tebur. Idan 10,000 ne kuma 400 kike so, ki rubuta 1 zuwa 25 a 'yan takardu, ki sa a kwano, wani ya zaro ɗaya. A ce 17 ta fito: sai rumfa ta 17, ta 42, ta 67, haka har ƙarshe. Wanda ba ki tarar ba ki koma masa sau biyu ko uku a lokuta daban, kada ki musanya shi da maƙwabcinsa, kuma ki rubuta duk wanda ya ƙi. Abin da ya fito za ki iya danganta shi ga wannan kasuwar, ban da Kantin Kwari idan a Sabon Gari kika yi, ban da matan da ke sana'a a cikin gida.