Gawayin Ɓawon Gyaɗa da Gawayin Icce: Amsar da Aka Turo da Murya

Tambaya: "Malam, na sayi curarren gawayin da ake yi da ɓawon gyaɗa, amma ya ƙi kamawa da wuri, kuma toka ta cika min kurfoti. Shin haka yake dama, ko dai gawayin icce ya fi shi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da na fahimta shi ne kina son ki san ko laifin na gawayin ne ko na wanda ya haɗa shi, kuma amsar ita ce jinkirin kamawa halinsa ne, amma tokar da ta cika kurfoti aikin mai haɗawa ne.

Gawayin icce yana da ƙofofi ƙanana a jikinsa, waɗanda a da su ne hanyoyin ruwa a cikin iccen, saboda haka iska tana ratsa shi, yana kamawa da sauri, yana ba da zafi mai ƙarfi, sannan ya cinye da wuri. Curarren gawayi kuwa gari ne aka danne aka matse, iska ba ta samun shiga cikinsa sosai, don haka wuta tana cin sa ne daga waje zuwa ciki a hankali. Idan kika ɗora ruwa a kan kilo ɗaya na kowanne, na icce zai riga tafasawa, amma lokacin da garwashinsa ya fara mutuwa, curarren yana nan da zafinsa daidai, ba ya tartsatsi, ba ya bukatar a riƙa ƙari. Mai girkin da ke ɗaukar awa biyu ko uku shi ne yake cin ribarsa, mai gaggawa kuma zai ga kamar an cuce shi.

Yanzu batun toka, wanda shi ne ya fi damuna. Gawayin icce mai kyau tokarsa ba ta cika wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinsa ba. Curarre yakan fi haka ko da an yi shi da gaskiya, domin idan aka ƙona ɓawon gyaɗa nauyinsa yana raguwa amma ƙasar da ke manne da shi tana nan ba ta ƙonewa. Sai dai abin da wasu masu sayarwa suke yi shi ne su zuba yumɓu da yawa maimakon sitaci, domin yumɓu yana riƙe curin kuma yana ƙara masa nauyi a kan sikeli. Na taɓa fasa wani curi da wani mai sana'ar ya kawo mini yana yabo, na murza shi a tafin hannu, sai na ji yashi yana ƙaras-ƙaras, bayan ya ƙone kuma curin ya tsaya da siffarsa, jajaja-jajaja, bai ko rushe ba. Wannan ƙasa aka sayar wa mutane da sunan makamashi. Tokar tana lulluɓe garwashin, ta toshe ramukan kurfoti, iska ta daina hawa daga ƙasa, sai mai girki ta yi ta fifita a banza, daga nan kuma ta yanke hukunci cewa duk curarren gawayi haka yake. Irin waɗannan su ne suke ɓata wa masu yin na ƙwarai kasuwa, kuma ba na jin za su daina muddin ana saye da nauyi ba a gwadawa.

Ga yadda ake yin na gaskiya, don ki san abin da za ki tambaya. Duro mai cin lita 200 yana ɗaukar kimanin kilo 20 na busasshen ɓawon gyaɗa. Ana huda ƙananan ramuka a gindinsa, a ɗora shi a kan duwatsu, a kunna wuta, a riƙa zuba ɓawon kaɗan-kaɗan. Da farko hayaƙin fari ne mai kauri, wato danshi ne yake fita, daga baya ya koma ruwan ɗorawa, sannan ya tsinke ya zama siriri mai ɗan shuɗi. A wannan lokacin ake rufe bakin duron, a sauke shi, a toshe duk wata kafa da ƙasa, a bar shi ya huce sarai kafin a buɗe, domin idan aka buɗe da zafi iska za ta shiga ya kama ya zama toka. Abin da ake samu bai fi kilo 5 zuwa 6 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ɓawon da ya gasu daidai baƙi ƙirin yake kuma yana murmushewa tsakanin yatsu, wanda ya rage da launin ƙasa-ƙasa kuwa bai gasu ba, kuma shi ne yake sa curi ya yi hayaƙi mai yaji a ido.

Duro biyu ke nan za su ba da wajen kilo 10. Ana daka shi, a tankaɗe, a ɗauki sitacin rogo rabin kilo zuwa kilo ɗaya, a dama da ruwan sanyi, a juye cikin tafasasshen ruwa ana motsawa har ya yi kauri da yauƙi. Sitacin da ba a dafa ba ba ya riƙe komai. Ruwan duka yakan kai lita 5 zuwa 6, amma hannu ne ma'auni: idan aka damƙi haɗin ya dunƙule bai ɗiga ba, ya yi. Sai a cusa a guntun bututun ƙarfe a danne da ƙarfi, kuma ya fi kyau a bar rami a tsakiya, domin ramin yana sa ya bushe da wuri, yana kuma jan iska lokacin ci.

Bari in koma baya kaɗan, domin na ce jinkirin kamawa halinsa ne, amma akwai iyaka. Idan ya wuce kima, sau da yawa danshi ne, domin curi yana bushewa a waje cikinsa yana jiƙe, kuma yana bukatar kwana uku zuwa mako a rana, ana juya shi. Ki fasa ɗaya ki taɓa tsakiyarsa, idan da sanyi ko warin tsami, ki shanya sauran. Ki kuma saki ɗaya daga tsayin ƙugu a kan daɓe. Mai kyau zai tsaya ko ya rabu biyu, ba zai watse ya zama gari ba.

Idan kuma da garin katako za a yi curin maimakon ɓawon gyaɗa, shi ya fi wuyar gasawa a duro, domin yana cunkushewa ya hana iska wucewa, sai gefe ya zama toka tsakiya tana ɗanye, shi ya sa ake sa bututun hayaƙi a tsakiya ana zuba shi a hankali ana juyawa. Kuma a guji garin katakon da aka yi wa fenti, ko magani, ko gam, saboda hayaƙinsa guba ne.

Wajen kunnawa, ki fara da ƙananan gawayin icce biyu ko uku a ƙasa, ki jera curin a kai da ɗan tazara, ki riƙa girgiza kurfotin lokaci-lokaci don tokar ta zube. Idan kin gama kada ki kashe shi da ruwa yadda ake yi wa na icce, domin sitacin zai jiƙe curin ya wargaje. Ki juye shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi ya mutu da kansa. Rashin hayaƙinsa kuma kada ya sa a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, domin yana fitar da iskar nan mai kisa marar wari kamar kowane gawayi.