Biyar ɗin da ta ɓace miki tana wajen ilektiron

"Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. An ce 25.0 cm³ na ruwan Fe²⁺ ya cinye 22.50 cm³ na KMnO₄ mai ƙarfin 0.0200 mol dm⁻³ a cikin asid, a nemo ƙarfin Fe²⁺ ɗin. Sau uku ina samun 0.018, bayan littafi kuma 0.090 aka rubuta. Ikweshon ɗina ya daidaita, na ƙirga atom ɗin duka. Jarabawa ta matso, kaina ya kulle."

Wa alaikis salam ƙanwata. Ina ganin 0.018 ɗin nan sai da gabana ya faɗi, don ramin da na taɓa faɗawa ke nan, kuma ni a gaban jama'a na faɗa. Raba 0.090 da 0.018 ki gani. Biyar ne cif. Lissafinki bai da laifi, ikweshon ɗin ne ya yaudare ki, kuma ko ban ga takardarki ba na kusa rantsewa wannan kika rubuta:

MnO₄⁻ + Fe²⁺ + 8H⁺ → Mn²⁺ + Fe³⁺ + 4H₂O

Atom kam sun daidaita. Amma ƙirga caji. A hagu −1 da +2 da +8, wato +9. A dama +2 da +3, wato +5. Ina huɗun suka tafi? A ridoks, in caji bai zo ɗaya a ɓangarorin biyu ba, ikweshon bai daidaita ba, ko da atom sun yi layi kamar sahun salla.

Ni malamin lesin ɗinmu ne ya cuce ni, Allah ya yafe masa. Ya sa muka haddace fomular asid da bes, ƙarfi sau yawa a nan daidai yake da ƙarfi sau yawa a can, ya ce ita ce mabuɗin kowane taitireshon. Kuɗi muke biya duk wata, mahaifiyata da cinikin ƙuli take haɗawa, amma ko sau ɗaya bai ce mana ɗaya-da-ɗaya ba doka ba ce. Da na shiga aji ɗaya a jami'a aka kira ni allo kan irin tambayarki sak. Na rubuta da ƙarfin gwiwa, har da ja wa amsar layi biyu. Malamin ya tsaya yana kallona, ya juya ga aji ya ce a tafa min, wai na ƙirƙiro sabuwar kemistiri inda ilektiron huɗu ke tafiya hutu. Ajin ya fi mutum ɗari. Alli na hannuna, hannun na rawa, ban ma gane abin da ake wa dariya ba, wannan ne ya fi min ciwo. Bai gyara min ba, cewa kawai ya yi in zauna. Mako biyu ina shiga ta ƙofar baya. Har yau in na ji ƙamshin alli sai ranar ta dawo min. Wata 'yar ɗakinmu ce ta zaunar da ni da fitilar waya ta nuna min abin da zan nuna miki.

Ki raba abin gida biyu, kada ki taɓa haɗa su sai kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Na ƙarfe ba wuya, ilektiron ɗaya yake saki:

Fe²⁺ → Fe³⁺ + e⁻

Na famanganet ne mai aiki. Fara da MnO₄⁻ → Mn²⁺. Manganis ɗaya nan, ɗaya can, ba ruwanki da shi. Oksijin huɗu ne a hagu, babu a dama, sai ki sa 4H₂O a dama. Da ruwa ake cike oksijin, kada ki kuskura ki sa O₂, babu iskar da ke fita a tulun nan. Ruwan ya shigo da haidurojin takwas, sai ki biya su da 8H⁺ a hagu, abin da "a cikin asid" ke ba ki izinin yi ke nan. Sai a ƙarshe ki zo kan caji: hagu −1 da +8 ya ba da +7, dama +2, don ruwa ba shi da caji. Ilektiron kullum a ɓangaren da ya fi yawan caji ake zuba su, har ya sauko daidai da ɗayan. Daga 7 zuwa 2, biyar:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5e⁻ → Mn²⁺ + 4H₂O

Ga biyar ɗinki. Famanganet ɗaya ilektiron biyar take karɓa, ƙarfe ɗaya kuma ɗaya tak yake da shi na bayarwa, dole sai an tara mata biyar. Ki ninka rabin ƙarfen gaba ɗayansa sau biyar, ki haɗa, ilektiron su kashe juna:

MnO₄⁻ + 5Fe²⁺ + 8H⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Sake ƙirga caji: hagu −1 + 10 + 8 = 17, dama 2 + 15 = 17. Ni har yanzu sai na rubuta wannan ƙirgar a gefen takarda kafin in ci gaba.

Lissafin kuma, don Allah ki ajiye waccan fomular, ki bi ta mol. Fara da wanda kika san ƙarfinsa da yawansa duka, wato famanganet: 0.0200 × 22.50 ÷ 1000 = 0.00045 mol. Rabawa da 1000 ɗin saboda cm³ ne aka ba ki, ƙarfin kuma a dm³ yake. Ƙarfen ya ninka wannan sau biyar, 0.00225 mol, kuma a cikin 25.0 cm³ yake, wato 0.0250 dm³. Raba 0.00225 da 0.0250, ga 0.090 mol dm⁻³. In suka ƙara da neman nauyi, kuma suna yawan ƙarawa, 0.00225 × 56 ya ba ki giram 0.126 na ƙarfe a abin da aka ɗiba. Ki kula kada ki juya biyar ɗin ki raba maimakon ki ninka, sai ki tashi da 0.0036. In kin rikice ki tambayi kanki wa ya fi yawa a tulun, ai mai bayar da ɗaya-ɗaya ne.

Ba ki tambayi firaktikal ba, amma bari in faɗa tunda nan ma na sha wuya. Asid ɗin H₂SO₄ mai ruwa-ruwa ne, ba HCl ba. Ranar da na ɗauki HCl don ita ce kusa da hannuna, karatun buret ɗina ya haura na kowa, saboda famanganet tana cin Cl⁻ ma, tana mai da shi kulorin, sai ki zaci ƙarfen ne ya yi yawa. Mai kula da ɗakin gwajin yana kallona ina zubawa bai ce uffan ba, sai da na gama sau uku. HNO₃ ma ba ta yi, ita da kanta take taɓa Fe²⁺ ɗin kafin ki fara. In kuma kika ga ruwan ya yi ƙasa-ƙasa, ya gurɓace kamar ruwan kududdufi, asid ne bai isa ba. MnO₂ ke fitowa, manganis ya tsaya a ilektiron uku bai kai biyar ba, lissafin 1 da 5 ya rushe, zubarwa za ki yi ki sake. Inda za ki tsaya shi ne ɗigon da ya bar ruwan da ja-ja mai haske wanda bai ɓace ba kina kaɗawa. Ba a sa masa komai don nuna launi, ita famanganet ɗin ce ke nuna kanta, kuma saboda duhunta saman ruwan ake karantawa a buret.

Daren nan ki gwada Cr₂O₇²⁻ → Cr³⁺ da Fe²⁺ ɗin dai. Tarkonsa a matakin farko yake: kuromiyom biyu ne a hagu, sai kin sa 2Cr³⁺ kafin ki taɓa oksijin, kuma cajin dama ya zama +6, ba +3 ba. In kin bi daidai za ki samu 7H₂O, 14H⁺ da ilektiron shida. Ki turo abin da kika samu, ina nan har bayan isha'i.