Wanne Zan Sayar, Mai Riba Ko Mai Asara?

Tambaya: Malam, bara na sayi hannun jari guda 1,000 na wani kamfani a kan 50 kowanne, saboda duk abokan aikina suna saye, yanzu ya faɗo zuwa 30. Ina da wasu guda 1,000 na wani kamfanin da na saya a kan 20, sun hau zuwa 30. Buƙatar kuɗi 30,000 ta taso mini, kuma ina so in sayar da mai ribar, in riƙe ɗayan har ya dawo da uwar kuɗina. Shin na yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ka ɗauki takarda ka rubuta darajar abin da ka mallaka a yau. Kowane ɗaya daga cikin jarin biyu 30,000 ne, jimla 60,000, kuma ko wanne ka sayar, abin da zai rage a hannunka jarin 30,000 ne. Asarar 20,000 ta riga ta auku tun ranar da farashin ya faɗi, sayarwa kawai za ta sa ka gan ta a rubuce a takardar dillali, kuma wannan ganin ne zuciyarka take gudu.

Masana halayyar ɗan'adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana wannan ɗabi'a a 1979, sannan a 1992 suka ƙiyasta cewa zafin asara yana kai ninki biyu da ɗoriya na daɗin ribar da ta yi daidai da ita. Shi ya sa mutum yakan yi saurin sayar da abin da ya hau don ya tabbatar da ribarsa, amma ya ƙanƙame wanda ya faɗi, domin muddin bai sayar ba yana iya gaya wa kansa cewa bai yi kuskure ba. A 1998 Terrance Odean ya wallafa binciken da ya yi a kan asusu 10,000 na ƙananan masu zuba jari a Amurka, inda ya gano cewa sun fi karkata ga sayar da masu riba, kuma masu ribar da suka sayar sun zarce masu asarar da suka riƙe wajen kawo riba da kimanin kashi 3.4 cikin 100 a shekarar da ta biyo baya.

Farashin 50 da kake jira ba shi da wata ma'ana ga kasuwa, kai kaɗai ne ka san shi. Faɗuwa daga 50 zuwa 30 raguwar kashi 40 cikin 100 ce, amma komawa daga 30 zuwa 50 yana buƙatar hawan kusan kashi 67. Kuma tun da rububin jama'a ne ya kai ka saye, akwai yiwuwar 50 ɗin farashin rububi ne tun farko, wanda ribar kamfanin ba ta taɓa cancantarsa ba. Misali, ma'aunin farashin Nasdaq, wata kasuwar hannayen jari ta Amurka, ya kai maki 5,048 a watan Maris na 2000, lokacin da kowa yake wawason kamfanonin intanet, ya zube da kusan kashi 78 zuwa Oktoban 2002, kuma bai sake taka wancan matsayi ba sai a 2015, bayan da yawa daga cikin kamfanonin sun rushe gaba ɗaya.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka ɗauka an sayar da duka biyun, an miƙa maka 60,000, an ce ka cire 30,000 na buƙatarka, ka sayi ɗaya kacal da sauran. Wanda za ka zaɓa shi ne wanda ya kamata ka riƙe. Don amsa wannan, nemi rahoton kuɗi na kowane kamfani na shekaru uku da suka gabata, ka duba ko ciniki da riba suna ƙaruwa, ko bashi yana hauhawa, da kuma ko an rage ribar da ake raba wa masu hannun jari. Ka kuma kwatanta faɗuwar da ta sauran kamfanonin da suke sana'a ɗaya. Idan dukansu sun faɗi tare alhali ribar naka ba ta taɓu ba, riƙewa tana da hujja, kuma sayarwa cikin firgici don abokai sun fara sayarwa zai zama bin yarima a sha kiɗa karo na biyu. Idan kuwa shi kaɗai ya faɗi, ribarsa tana raguwa, bashinsa yana ƙaruwa, to shi za ka sayar.

Na lura ba ka ambaci ko da abu ɗaya game da kamfanin da kake son riƙewa ba, sai farashin da ka saya, kuma wannan ya sa nake zaton rahoton ba zai goyi bayanka ba. Kafin ka karanta shi kada ka ƙara sayen hannun jarin da sunan rage matsakaicin farashinka, sannan ka tambayi dillalinka la'adarsa da kwanakin da kuɗin zai ɗauka kafin ya shiga asusunka, domin abin da zai zo hannunka ba zai cika 30,000 cif ba.