'Yan kunne suna sa min ƙaiƙayi da ƙuraje: wane ƙarfe zan koma wa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina da wasu 'yan kunne masu ruwan gwal da na yi wata biyar ina sawa lafiya lau. Yanzu kuwa da na sa su, washegari kunnen ya kama ƙaiƙayi, ya kumbura, har yana tsattsafo da ruwa. Ƙarƙashin maƙullin agogona ma ya fara yin haka, wurin ya yi baƙi. Me ya same ni, kuma wane irin ƙarfe zan riƙa saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, sannu. Abin da kika kwatanta ya fi kama da alajin nikel, wani farin ƙarfe mai araha da ake haɗawa cikin kayan ado don su yi ƙwari da sheƙi. Abubuwa biyu suka sa na karkata can: jinkirin da matsalar ke yi kafin ta fito, da kuma yadda ta tsaya daidai inda ƙarfe ke taɓa fata, a wurare biyu da ba su da alaƙa da juna.

Ƙarfe yana kwance a kan fata, gumi yana jiƙa shi. Gumi na da gishiri da ɗan tsami, don haka yana narkar da nikel kaɗan-kaɗan, abin da ido ba ya gani, ya ratsa cikin fata. A jikin wasu mutane garkuwar jiki takan ɗauki wannan a matsayin abokin gaba ta haddace shi. Daga ranar da ta haddace, duk lokacin da ya sake shigowa sai ta turo ƙwayoyinta wurin, kuma taruwarsu tana ɗaukar lokaci. Shi ya sa ba a ganin komai nan take, sai bayan awa 12 zuwa 48, wani lokaci har kwana uku. Ko an cire ɗan kunnen, ƙurajen kan iya kaiwa mako biyu zuwa huɗu kafin su kwanta. Ƙofar da nikel ya fi shigowa ta ita ita ce hujin kunne, domin a lokacin ƙarfen yana zaune cikin ɗanyen rauni makonni, babu fatar da za ta tare shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa alajin ya fi yawa ga mata. Kuma idan jiki ya koye shi, yawanci ya zauna ke nan har tsawon rayuwa. Ana dai iya zama shekara da shekaru babu ƙurji ko ɗaya, muddin ƙarfen bai samu hanya ba.

To me ya sa wata biyar suka wuce lafiya? Mafi yawan kayan da ake yi wa ruwan gwal, cikinsu tagulla ne ko wani ƙarfe mai araha. Sau da yawa akan fara shimfiɗa musu nikel tukuna, domin yana sa saman ya yi sumul kuma gwal ɗin ya yi ƙyalli, sannan a ɗora gwal a kai, shi kuwa siririn gaske ne, sau da yawa bai kai kaso ɗaya cikin dubu na milimita ba. Muddin yana nan cif, fatarki gwal take taɓawa. Da sawa da cirewa da gumi da turare suka cinye shi, sai nikel ɗin ya fito fili. Ɗauki 'yan kunnen ki duba tsinken da ke shiga hujin da ɗan makullin bayansa a cikin haske. Ina kyautata zaton za ki ga launin ya koɗe ya koma fari-fari a nan, alhali fuskar ɗan kunnen tana nan da kyanta. Agogon ma haka: jikinsa yana iya zama lafiya, maƙullin ne mai laifi.

Kafin ki zubar da kayanki, ki rarrabe wannan da wasu abubuwa masu kama da shi. Idan zobe ya bar kore ko baƙi-baƙi a yatsa, babu ƙaiƙayi, kuma sabulu ya wanke shi, wannan jan ƙarfe ne ya haɗu da gumi, tabo ne kawai. Idan ƙasan zobe ya bushe ya yi ja ga mai yawan wanke hannu, sau da yawa sabulu da danshi ne suka maƙale a wurin, kuma yakan warke idan ana cire zoben ana busar da yatsan. Idan kuwa zafi ya fi ƙaiƙayi, wurin ya yi ɗumi, yana fitar da mugunya mai kauri ko ɓawo mai launin zuma, ko kumburin yana yaɗuwa, ko da zazzaɓi, to ƙwayoyin cuta sun shiga, asibiti za a je, musamman idan a guringuntsin saman kunne ne. A fata mai duhu ba a cika ganin jan da littattafai ke faɗa ba. Abin da ake gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ya yi kauri, ya yi ɓawo, kamar yadda agogonki ya yi miki. Wannan baƙin yakan koɗe da kansa, amma a hankali, cikin watanni.

Tabbaci yana zuwa ta gwaji iri biyu, ɗaya na jikinki, ɗaya na kayan. Na jiki likitan fata ke yi: a liƙa miki ɗan filasta mai ɗauke da gishirin nikel a baya, ya zauna awa 48 ba tare da ya jiƙe ba, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. A tare akan gwada wasu ƙarafa kamar kobalt da faladiyam, domin mai alajin nikel kan haɗa da nasu. Na kaya kuma ruwa ne da ake kira DMG. A ɗiga shi a auduga, a goga wa ƙarfen kamar rabin minti, idan audugar ta koma ruwan hoda to nikel na fita. Ki goga a tsinke da makulli da duk inda ya koɗe. Idan ya nuna hoda ki gaskata shi. Idan bai nuna ba, kada ki saki jiki gaba ɗaya, domin ƙaramin adadi kan kuɓuce masa.

Yanzu ga batun saye, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Fata ba ta damu da yawan nikel ɗin da ke cikin ƙarfe ba, abin da ya dame ta shi ne yawan wanda ke fitowa. Dokar Tarayyar Turai, wadda ta samo asali a 1994, a kan wannan aka gina ta: kayan da ke daɗewa a jikin fata kada su saki fiye da maikirogiram 0.5 na nikel a kowace murabba'in santimita a mako, wanda ake sawa cikin huji kuma kada ya kai 0.2, maikirogiram kuwa kaso ɗaya ne cikin miliyan na giram. Misali mai kyau shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316L, wanda ake tallata shi da sunan ƙarfen tiyata. Nikel ɗin cikinsa ya kai kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari, amma a ɗaure yake tam, kaɗan ke fita. Mafi yawan masu alaji suna sa agogonsa lafiya. Duk da haka ba zan ba ki shawarar sa shi a cikin kunnen da ke ciwo ko sabon huji ba, domin wasu suna jin ko wannan kaɗan ɗin, kuma ba kowane abin da aka ce 316L ne shi ɗin ba.

Don tsinken ɗan kunne, ni taitaniyam nake sawa a gaba, musamman irin da ake dasawa a jiki, mai lamba ASTM F136. Ba shi da nikel, ba shi da nauyi, gumi ba ya cinsa. Ƙarfen niyobiyam ma ba shi da nikel, kuma gumi ba ya cinsa. Filatinam mai lamba 950 yana da kyau ƙwarai, tsada ce kawai matsalarsa. Roba irin ta asibiti tana da amfani idan ana so huji ya zauna a buɗe. Ki kula da abu ɗaya: akwai haɗin taitaniyam da nikel mai lanƙwasuwa ya dawo, wanda ake yin wasu firam ɗin tabarau da shi, kusan rabinsa nikel ne, don haka jin sunan taitaniyam kaɗai bai isa ba.

Gwal kuma sai an duba karat da launi. Karat 24 zalla ne, 22 yana ɗauke da hatimin 916, 21 yana da 875, 18 kuma 750, ma'ana kashi 75 cikin ɗari gwal ne, ragowar 25 wasu ƙarafa. A gwal mai launin rawaya ragowar yawanci azurfa ce da jan ƙarfe, don haka daga karat 18 zuwa sama da wuya ya dame ki. Idan aka sauko 14 ko 9, gurbin gauraye ya faɗaɗa, shakka ma ta ƙaru. Farin gwal shi ne tarko. Ana faranta shi da nikel ko da faladiyam, sannan a lulluɓe shi da rodiyam, kuma wannan lulluɓin yana cinyewa kamar yadda na 'yan kunnenki ya cinye. Idan mai sayarwa bai iya gaya miki da me aka faranta shi ba, ki bar masa kayansa. Haka nan idan kika ga GP a bayan lambar karat, ruwan gwal ne kawai aka yi masa.

Azurfa mai hatimin 925 yawanci jan ƙarfe ne cikon kashi 7.5 ɗinta, kuma tana yi wa mafi yawan mutane daidai, sai dai akan samu wadda aka yi wa shimfiɗar nikel don ƙyalli. Abin da ake kira azurfar Jamus kuwa babu ko ƙwayar azurfa a ciki, jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Rubutun da ke cewa kaya sun dace da fata mai laushi kuwa magana ce ta talla, ba ya gaya miki abin da ke cikin ƙarfen.

Game da kunnen yanzu: cire 'yan kunnen da agogon gaba ɗaya. Ki riƙa wanke wurin da ruwa ki busar, ki bar goga masa sifirit ko turare. Idan babu alamar mugunya, man haidirokotizon mai kashi 1 cikin ɗari, shafa siriri sau biyu a rana na kamar mako ɗaya, yakan kwantar da shi. Kada ki ɗauko mayukan sitiroyid masu ƙarfi da kanki don goge baƙin, suna sirantar da fata su bar tabon da ya fi wanda ake gudu. Idan mako biyu suka wuce bai lafa ba, ko ya bazu zuwa wuya da hannaye, ki ga likitan fata. Shafa wa ƙarfe farin jan farce yana iya fitar da ke na yini ɗaya a kan maƙullin agogo ko maɓallin wando, amma yana ɓarewa da sauri, kuma bai dace da abin da zai shiga cikin huji ba. Idan kina son 'yan kunnen nan sosai, kai su wurin maƙerin kayan ado ya canza tsinken da makullin zuwa taitaniyam ko gwal mai karat 18, da sharaɗin bayan ɗan kunnen ba ya kwanciya a kan fata. Kada ki mayar da komai sai wurin ya warke sarai, sannan ki gwada sabon na 'yan awoyi, ki jira kwana uku ki ga abin da kunnen zai yi.