Alhaji zai fita daga haɗin jarinmu: wa zai biya kuɗin sunan shago?

Tambaya: "Mu uku ne muke da shagon kayan gini, muna raba riba 3:2:1, ni ne mai kaso ɗaya. Alhaji mai kaso uku zai fita, mu biyun kuma mun shirya mu riƙa raba daidai. Ya ce sai an sake yi wa kaya kuɗi, an kuma biya shi kuɗin sunan shago. Yaya ake lissafin, kuma rabi-rabi za mu biya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na daɗe ina riƙe wa 'yan kasuwa littafi, kuma wannan rabi-rabin shi ne inda rigima take farawa. Ba haka za ku biya ba, kai ne za ka fi ɗaukar nauyi.

Fara da kadarori, don su sun fi sauƙi. Duk abin da ya ƙaru ko ya ragu kafin ranar fitar Alhaji naku ne ku uku, saboda haka da tsohon rabo ake kasa shi. A ce ginin shagon yana littafi a naira miliyan 20, yau kuma zai yi 32. Motar dakon kaya ta sauka da miliyan 2, simintin da ya sha danshi ya daskare ya ci miliyan 1, bashin da kun san ba zai dawo ba miliyan 3. Ƙarin 12, ragin 6, saura miliyan 6: Alhaji 3, abokinka 2, kai 1. Ku shiga sito da kanku ku taɓa buhunan. Na ga inda aka ƙirga layin gaba kawai, bayan mai fita ya karɓi kuɗinsa aka tarar na jikin bango sun zama dutse, asarar ta zauna kan waɗanda suka rage. Littafin bashi ma ku bi shi suna bayan suna.

Kuɗin suna kuwa ciniki ne, babu farashin da ke rubuce. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki matsakaicin ribar 'yan shekarun baya a ninka da adadin shekarun da aka amince. Idan ribar shekara uku ta kasance miliyan 9, 12 da 15, matsakaici 12 ke nan. Amma kada ka yarda a ninka 12 ɗin yadda take. Ku cire ladan guminku, wato abin da za ku biya wasu da su ne ke zaman shagon, a ce miliyan 3. Sannan ku duba ko akwai ribar da tashin farashi ne ya kawo ta. Bayan faɗuwar naira a 2023 masu rodi da kwano a ajiye sun ga riba mai kauri, alhali ba kwastoma ne ya ƙaru ba, kayan ne suka yi tsada suna kwance. Irin wannan ba suna ba ne. Mu ce an tsaya a miliyan 9, an ninka da shekara biyu, kuɗin suna ya zama miliyan 18. Rabinsa na Alhaji ne, miliyan 9.

To ga inda ya shafe ka. Abokinka yana da biyu cikin shida, zai koma uku cikin shida, ya ƙaru da ɗaya. Kai daga ɗaya za ka koma uku, ka ƙaru da biyu. Kason Alhaji kuke saye, kowa kuma zai biya gwargwadon abin da ya saya: abokinka miliyan 3, kai miliyan 6. Idan kuka yi rabi-rabi, ya biya maka miliyan ɗaya da rabi bai sani ba, kuma ran da ya gane zumunci zai yi tsami. Kana iya gwada lissafin ta wata hanya: zuba 18 ɗin a asusun jarinku da tsohon rabo, 9, 6, 3, sannan ka cire shi da sabon rabo, 9 da 9. Abokinka ya ragu da 3, kai da 6. Idan hanyoyin biyu ba su haɗu ba, akwai kuskure. Wannan cirewar ita ce ke hana kuɗin suna zama a littafi kamar wata kadara.

Idan jarin Alhaji a littafi miliyan 25 ne, aka haɗa da miliyan 3 na ƙarin kadarori da 9 na kuɗin suna, haƙƙinsa ya zama 37, sai kasonsa na ribar bana zuwa ranar fita, a cire abin da ya riga ya ɗiba. Da wuya shago ya fitar da wannan a tashi ɗaya bai durƙushe ba, don haka ku rubuta shi bashi, biya kashi-kashi, da ranaku da shaidu.

Kafin ku sa hannu, ka tambayi Alhaji inda zai dosa. A harkar kayan gini 'yan kwangila mutum suke bi, ba allon shago ba. Idan zai buɗe nasa a layinku, shekara biyun nan ta yi yawa, ku rage ta ko ku rubuta cewa ba zai ja kwastomominku ba zuwa wani lokaci da kuka yanke.