Jinina ya yi ƙasa, kuma takarda ta ce VGM 68: me hakan ke nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce, shekaruna 34, ina zaune a Garwa, 'ya'yana huɗu, ba ni da ciki. Wata uku ke nan ina fama da kasala da jiri. Na yi gwajin NFS, wato na ƙidayar ƙwayoyin jini, aka ce jinina ya yi ƙasa. Ga abin da ke takardar: Hb 8,6 g/dL, GR 4,1, VGM 68 fL, TCMH 21 pg, IDR 18%. Mai kemis ya ce in sha maganin ƙarin jini kawai. Me ya jawo wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Lambar da kowa ke fara dubawa ita ce Hb, wato himogulobin, jan sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda yake ɗauko iskar da kika shaƙa daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Mace baliga marar ciki ana so nata ya kai 12, mai ciki 11, namiji 13. Naki 8,6 ya yi ƙasa sosai, shi ya sa jirin da kasalar. Amma Hb ba ta faɗin dalili. Jini yakan ragu ta hanya uku: ko yana zuba, ko ana fasa ƙwayoyin kafin su cika kwana 120 da suka saba yi, ko kuma ɓargo, inda ake ƙera su, ya rasa kayan aiki. VGM ce ke nuna mana wace hanyar za mu fara bi.

VGM matsakaicin girman ƙwayar jini ɗaya ce. A wasu takardun za ki ga MCV, abu ɗaya ne. Ga babban mutum, daga 80 zuwa 100 shi ne daidai. Taki 68, wato ƙwayoyinki ƙanana ne. Kin san mai ƙosai idan ƙullu ya yi mata kaɗan, sai ta rage girman ƙosan don ya isa. Haka ɓargo yake yi idan sinadarin ƙarfe ya ƙare masa, domin da ƙarfe ake haɗa himogulobin. TCMH ɗinki, wato yawan himogulobin da ke cikin kowace ƙwaya, ta ƙara tabbatar da haka: kowace ƙwaya ya kamata ta ɗauki kamar 27 zuwa 32, taki 21 take ɗauke da shi. Idan aka shafa irin wannan jini a gilashi aka duba da madubin likita, za a ga ƙwayoyin sun koɗe, tsakiyarsu fari fat, jan ya koma siririn zobe a gefe.

Sai dai ba rashin ƙarfe kaɗai ke ƙanƙantar da ƙwayoyi ba. Akwai wata cutar gado da ake kira talasemiya, wadda mai sauƙin nau'inta tana nan da yawa a Afirka, kuma mai ita zai iya shan maganin ƙarfe shekara guda VGM ba ta motsa ba. Akwai ɗan lissafi da muke yi don rarrabewa: a raba VGM da GR, wato yawan ƙwayoyin. Naki 68 a raba da 4,1 ya ba da kusan 16,6. Abin da ya haura 13 ya fi karkata ga rashin ƙarfe, abin da ya gaza 13 ya fi karkata ga talasemiya, domin ita ƙwayoyin ƙanana ne amma suna da yawa. IDR kuma tana auna yadda girman ƙwayoyin ya bambanta. Daidai ba ta cika wuce 15 ba. Taki 18 tana nuna cewa tsofaffin ƙwayoyi masu girma sun cakuɗa da sababbi ƙanana, kuma haka rashin ƙarfe ya saba yi. Wannan lissafi manuniya ce kawai. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne feritin, wanda ke auna ajiyar ƙarfe a jiki. Idan ya gaza 15 babu tantama, kuma ƙasa da 30 ma muna ɗaukarsa rashin ƙarfe ne. Amma kada ki yi shi kina cikin zazzaɓi, domin maleriya da sauran cututtuka suna ɗaga feritin ya ɓoye gaskiya.

To ina ƙarfen ya tafi? Wannan tambayar ce mai kemis ya tsallake, kuma ita ta fi damuna. Ga mace mai shekarunki, wuri na farko da nake dubawa shi ne al'ada: tana wuce kwana bakwai? Akwai gudaji manya? Kina canza ƙunzugu duk bayan awa ɗaya ko biyu? Idan haka ne, a yi hoton mahaifa, don ƙarin mahaifa yakan jawo haka. Haihuwa kusa da kusa ma tana cinye ajiya. Na biyu tsutsar ciki mai shan jini, wadda ke shiga ta tafin ƙafa idan ana tafiya ba takalmi a ƙasa mai laima. Na uku tsargiya, kuma ku da ke kusa da Binuwai da madatsar Lagdo kun san ta: idan kina wanki ko wanka a kogi, a duba fitsari da bahaya. Sai gyambon ciki, musamman ga masu yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak. Baƙin bahaya kamar kwalta alamar jini ne daga ciki. Namiji ko macen da ta daina al'ada idan aka same su da wannan sakamako, dole a binciki hanji, ba a sallame su da ƙwaya kawai.

Da VGM ɗinki ta faɗo tsakanin 80 da 100, da maleriya, zubar jini na kwana-kwanan nan, ciwon ƙoda, tarin fuka ko sikila za mu fara tunani. Da ta haura 100, sai mu nemi rashin bitamin B12 ko folik asid, ciwon hanta, shan giya, ko wasu magunguna kamar zidobudin. Akwai tarko a nan: mai rashin ƙarfe da folik asid a lokaci guda, ƙanana da manyan ƙwayoyi sukan haɗu su ba da VGM daidai, sai IDR mai yawa ta tona asiri.

Idan feritin ya tabbatar, maganin ƙwayar ƙarfe ne. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 200 tana ɗauke da kusan miligiram 65 na ƙarfe, kuma sau ɗaya a rana yakan isa. Ki sha ta da ruwa ko lemon zaƙi, nesa da shayi, kofi da madara da kamar awa biyu, don suna hana hanji tsotsar ƙarfen. Mu nan shayi ba ya barin wuta, kuma yana cikin abubuwan da ke sa magani ya ƙi aiki. Idan kina cin farar ƙasa, ki daina. Kwaɗayinta ma alamar rashin ƙarfen ne. Bahayarki za ta yi duhu saboda maganin, wannan ba abin tsoro ba ne. Ki ƙara da hanta, nama da kifi gwargwadon hali, amma a 8,6 abinci kaɗai ba zai cike giɓin ba.

Bayan sati huɗu ki maimaita NFS. Ina sa ran Hb ta hau da 1 zuwa 2. Idan ba ta hau ba, ko jinin na ci gaba da zuba, ko maganin ba ya shiga, ko dalilin wani ne daban, sai ki koma wurin likita da takardun biyu. Idan ta hau har ta kai 12, ki ci gaba da shan maganin wata uku don ajiya ta cika. Amma idan kika fara haki kina zaune, ko ƙirji na ciwo, ko kika suma, ko jini ya ɓalle, kada ki jira sati huɗun, ki tafi asibiti a ranar.